T² = a³: gajeriyar dokar da ke cewa Wata yana kewaya Duniya cikin awa ɗaya

Idan ka taɓa buɗe littafin shirin jarrabawar fiziks, ko ka kalli gajerun bidiyon nan na bayanin sararin samaniya, da wuya a ce ba ka ci karo da wannan layin ba:

T² = a³

Wasu sukan sa r a gurbin a. A ƙarƙashinsa sai a rubuta cewa T shi ne lokacin da duniya take ɗauka kafin ta kewaya, a kuma shi ne nisanta, sai a ce wannan ita ce doka ta uku ta Kepler. Daga nan a ba ka misali ɗaya, a wuce. Ra'ayina shi ne wannan salon koyarwa yana da illa, domin ya ɓoye ainihin abin da dokar take faɗa, kuma yana sa mutum ya fitar da amsar da ba ta kama hanya ba alhali yana ganin ya yi daidai. Amma kafin in fara suka, bari in ba layin haƙƙinsa, don akwai inda yake aiki sosai.

Da farko mu daidaita harshe. T² ba ninki biyu na T ba ne, T ne aka buga da kansa, wato T sau T, abin da ɗalibai ke kira sukwaya. Haka a³ ba ninki uku ba ne, a sau a sau a ne, wato kiyub. Na tsaya a nan ne saboda kalmar "ninki" tana yawan rikita mutane idan ana wannan bayanin da Hausa. Ninki uku na 5 shi ne 15, amma kiyub ɗin 5 shi ne 125.

To, ɗauki duniyar Mirrihi. Tana kewaya Rana cikin shekara 1.881 ta lissafinmu, nisanta daga Rana kuma ya kai na Duniyarmu sau 1.524. Buga 1.881 da kanta, za ka samu 3.54. Buga 1.524 da kanta, ka sake bugawa, za ka samu 3.54. Gwada Mushtari: shekara 11.86, nisa 5.20. Sukwayar na farko kusan 141, kiyub ɗin na biyu shi ma kusan 141. Wannan ba dace ba ne. Kuma amfanin yana fitowa fili idan ka san abu ɗaya kana neman ɗayan. An gano duniyar Naftun a 1846, nisanta kuma ya kai na Duniya kusan sau 30. Kiyub ɗin 30 shi ne 27,000. Wace lamba ce idan ka buga ta da kanta za ta ba ka 27,000? Kusan 164. Ke nan shekarar Naftun ɗaya ta kai namu 164 zuwa 165. Ba sai an zauna jiran ta ba. Ai sai a 2011 ta cika kewayenta na farko tun bayan gano ta, amma an daɗe da sanin tsawon shekararta.

Layin yana da kyau ke nan, matuƙar kana magana a kan abin da ke kewaya Rana, kana auna lokaci da shekara, kana auna nisa da tazarar da ke tsakanin Duniya da Rana, wadda masana ke rubutawa AU, kimanin kilomita miliyan 149.6. Sharuɗɗa uku ke nan, kuma sau da yawa ba a faɗar ko ɗaya daga ciki. Na biyu da na uku wani lokaci akan ambata a gefen shafi. Na farkon, wanda ya fi su nauyi, shi ne aka fi mantawa.

Yanzu ka gwada layin a kan Wata. Ka bi duk ƙa'idar ma'auni. Nisan Wata daga Duniya kilomita 384,400 ne. Raba da miliyan 149.6, ka samu 0.00257 AU. Kiyub ɗinsa 0.000000017 ne. Lambar da za ka buga da kanta ta ba ka wannan ita ce 0.00013, wato ɗan ƙaramin yanki na shekara. Mayar da shi minti, za ka samu kimanin minti 68 da rabi. Layin ya ce maka Wata yana gama kewaya Duniya cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Ba ka yi kuskuren lissafi ba, ba ka sauya ma'auni ba, amma ko yaron da ke jiran ganin watan Sallah ya san amsar nan ba gaskiya ba ce.

Abin da ya faru shi ne akwai Rana a cikin layin, an dai ɓoye ta ne. Da aka zaɓi shekara da AU a matsayin ma'auni, an zaɓe su ne daga tafiyar Duniya a kewayen Rana: Duniya tana nisan 1, tana kewayawa cikin 1. Saboda haka lambar da ke haɗa ɓangarorin biyu ta zama 1, ta ɓace daga ido. Amma lambar nan ba ta duniya duka ba ce, ta Rana ce, ƙarfin janta ne ya haife ta. Da ka sa nisan Wata a ciki, tambayar da ka yi a zahiri ita ce: abin da ke kewaya wani jiki mai nauyin Rana a tazarar kilomita 384,400, yaushe zai gama? Amsar minti 68 da rabi daidai ce ga wannan tambayar. Ba ita ka yi niyyar yi ba kawai. (A gaskiya ma tazarar nan tana cikin cikin Rana, don daga tsakiyarta zuwa bakinta kusan kilomita 696,000 ne.)

Ga wani abu da nake ganin ya kamata kowane malami ya nuna, amma gajeren layin ba ya barin a gani. Wata yana ɗaukar kwana 27.32, wato minti 39,341. Raba da 68.5, ka samu kusan 574. Buga 574 da kanta, ka samu kusan 330,000. Wannan lambar ita ce yawan ninkin da nauyin Rana ya yi wa na Duniya da Wata a haɗe. Ka ga, amsar da ta fito a karkace ta auna maka Rana. Idan na ce nauyi a nan, ina nufin yawan abin da ke cikin jiki ne, ba abin da sikeli ke nunawa ba. Ta irin wannan hanyar ake sanin nauyin Mushtari daga watanninta, da nauyin taurarin da ke kewaya juna.

Shi kansa Johannes Kepler bai rubuta dokar a matsayin daidaito tsakanin T² da a³ ba. A littafinsa Harmonices Mundi, wanda aka buga a Linz a 1619, ya faɗe ta ne a matsayin gwaji tsakanin duniyoyi biyu: yadda lokacin wannan yake idan an gwada da na waccan, da yadda nisan wannan yake idan an gwada da na waccan. Bisa labarin da ya bayar da kansa, tunanin ya zo masa a watan Maris na 1618, ya gwada lissafin bai fita ba saboda kuskure, ya ajiye, sannan ya dawo kansa ranar 15 ga Mayu ya ga ya yi daidai da awon da Tycho Brahe ya tara. A littafin ma har da neman sautin kiɗa a tafiyar duniyoyi, abin da kimiyya ta bari a baya. Amma siffar da ya ba dokar ita ce mai inganci har gobe:

(T₁ / T₂)² = (a₁ / a₂)³

A wannan siffar ba ruwanka da shekara ko AU. Ka auna da kwana, da awa, da kilomita, duk ɗaya ne, muddin sama da ƙasa ma'auninsu ɗaya. Kuma siffar da kanta tana tilasta maka ka tambayi kanka: da wa nake gwadawa? Dole abubuwan biyu su kasance suna kewaya uwa ɗaya. Wata da tauraron ɗan adam, duka Duniya suke kewayawa, za ka iya gwada su. Wata da Mirrihi kuwa ba za ka iya ba. Tambayar nan ce gajeren layin ya shafe.

Bari mu yi aiki ɗaya da ita daga farko har ƙarshe, don a wurin aikin ne sauran ramukan suke bayyana. Ka san kwanon dish ɗin da ake kafawa a kan rufi ko a tsakar gida. Mai saiti ya zo ya juya shi sau ɗaya, ya ɗaure, shi ke nan, ba a sake taɓa shi sai iska ta ture shi. Dalili shi ne tauraron da yake kallo yana kewaya Duniya a saman layin da ya raba ta biyu, cikin daidai lokacin da ita ma take juyawa sau ɗaya, don haka daga ƙasa kamar a tsaye yake wuri guda. NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba daga Xichang a ƙasar Sin a Disambar 2011, irin wannan falakin aka kai shi. Tambayarmu: a wane nisa ne tauraro zai kewaya cikin kwana ɗaya? Abin gwajinmu shi ne Wata, tunda mun san nisansa da lokacinsa.

Nan take za ka ci karo da ramin farko: wane lokaci ne na Wata? Duk wanda ya tashi yana ƙirga wata daga tsayuwa zuwa tsayuwa zai ce kwana 29 ko 30, a matsakaici 29.53. Amma wannan ba T ba ne. Lokacin da Wata ke ɗauka ya koma inda yake a tsakanin taurarin nesa kwana 27.32 ne. A cikin waɗannan kwanakin Duniya ta ci gaba da tafiyarta a kewayen Rana, ta matsa kusan digiri 27, saboda haka sai Wata ya ƙara tafiyar kwana biyu da ɗoriya kafin ya sake jeruwa da Rana, a samu sabon wata. Kwana 29.53 lokacin jeruwa da Rana ne. Dokar Kepler kuwa cikakken kewaye take so, wanda ake aunawa da taurarin nesa. Kana iya tabbatarwa da kalkuleta: raba 1 da 27.32, ka cire 1 da aka raba da 365.25, sannan ka raba 1 da abin da ya rage. Za ka ga 29.53 ta fito.

Haka kwana ɗayan ma yake. Awa 24 lokaci ne daga tsakar rana zuwa tsakar rana, shi ma jeruwa da Rana ne. Juyawar Duniya sau ɗaya cif awa 23 ce da minti 56 da daƙiƙa 4, wato 0.9973 na kwana. Bambancin minti huɗu ne kacal, amma a lissafin nan yana kawo bambancin kilomita saba'in da wani abu.

To ga lissafin. Raba 27.32 da 0.9973, ka samu 27.39. Ke nan Wata yana ɗaukar lokacin da ya ninka na tauraronmu sau 27.39. Buga wannan da kanta, ka samu 750. Yanzu nemi lambar da kiyub ɗinta zai ba ka 750. Ko ba kalkuleta za ka iya kusantar ta: 9 sau 9 sau 9 shi ne 729, 9.1 kuma yana ba da kusan 754, don haka amsar tana tsakani, 9.087 ce. Wata ya fi tauraron nisa sau 9.087 ke nan. Raba kilomita 384,400 da 9.087, ka samu kimanin kilomita 42,300.

Ainihin lambar da injiniyoyi ke aiki da ita kilomita 42,164 ce. Da Wata kawai da kalkuletar waya ka zo kusa da ita har bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Da ka yi amfani da 29.53 fa? Bi matakan nan dai, za ka sauka a kan kilomita 40,160 ko kusa da haka. Ka lura, amsar ba ta yi kama da shirme ba. Ba kamar minti 68 na ɗazu ba ne da kowa zai yi wa dariya. Lamba ce mai kamala, ta yi kusa da wadda ake tsammani, mai duba takarda cikin gaggawa ma zai iya wuce ta. Amma ta gaza da kilomita 2,000, kuma tauraron da aka ajiye a can zai riƙa gama kewaye cikin awa 22 da kwata, yana zamewa gabas fiye da digiri 25 kowace rana. Kwanon dish ɗinka ba zai wuni yana ganinsa ba. A ganina irin wannan kuskuren ya fi wancan haɗari, kuma bayanin da ya tsaya a kan "T shi ne lokacin kewayawa" bai ba ka komai da za ka kare kanka da shi ba. Matsalar tana nan a duniyoyi ma. Mirrihi takan matso kusa da mu ta yi haske duk bayan kwana 780 ko kusa da haka, shi ne abin da ido ke gani, amma shekararta kwana 687 ce.

Rami na gaba yana cikin harafin a. Idan ka karanta cewa taurarin dish suna sama da nisan kilomita 35,786, za ka ce to ina 42,164 ta fito? Duka biyun daidai ne. Ɗaya daga doron ƙasa aka auna, ɗaya daga tsakiyar Duniya, bambancinsu kuma kilomita 6,378 ne, wato daga tsakiyar Duniya zuwa bakinta. Dokar daga tsakiya take aunawa. Ga abin da ke nesa kamar Wata, mantawa da wannan ƙaramin kuskure ne. Ga abin da ke kusa kuwa rushe lissafin yake yi gaba ɗaya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi kimanin kilomita 400 daga ƙasa. Idan ka gwada 400 da 42,164 kai tsaye, za ka samu cewa tana kewaya Duniya cikin minti ɗaya da daƙiƙa ashirin. Ƙara 6,378 a kan 400 ɗin, ka samu 6,778, ka sake gwadawa, sai minti 92 da ɗoriya ya fito, wanda shi ne abin da take yi, kusan kewaye goma sha biyar da rabi a rana.

Akwai kuma dalilin da ya sa masu kula suke rubuta a maimakon r. Harafin r yana sa ka ɗauka da'ira ce cikakkiya, mai nisa guda ta ko'ina. Dokar Kepler ta farko, wadda ya wallafa tun 1609, ta riga ta ce falakin duniyoyi ba haka yake ba, da'ira ce da aka ɗan matse ta yi tsawo ta gefe ɗaya, kuma Rana ba a tsakiyarta take zaune ba. Abin da a ke nufi shi ne rabin tsawon falakin ta inda ya fi tsawo. A aikace, ka haɗa nisa mafi kusa da nisa mafi nesa ka raba biyu. Duniya tana matsowa kusan kilomita miliyan 147 daga Rana a farkon Janairu, daidai lokacin da ake fama da hunturu a ƙasar Hausa, ta kuma yi nisan miliyan 152 a farkon Yuli. Haɗa su ka raba biyu, ka dawo kan miliyan 149 da rabi. A nan bambancin kaɗan ne, shi ya sa littattafan da ke tsayawa a kan duniyoyi takwas ba sa ganin buƙatar bayani.

Amma ka ɗauki tauraro mai wutsiya na Halley, wanda ya zo kusa da Rana a 1986, ake kuma sa ran dawowarsa a 2061. Idan ya matso yakan zo har 0.59 AU, ya fi Duniya kusa da Rana. Idan ya yi nisa yakan kai 35 AU, ya wuce Naftun. Wanne ne "nisansa"? Sa na farkon a layin, ka samu wata biyar da rabi. Sa na biyun, ka samu fiye da shekara 200. Haɗa su ka raba biyu, ka samu 17.8. Kiyub ɗinsa kusan 5,640 ne, lambar da za ta ba ka wannan kuma 75 ce. Shekara 75, daidai tazarar 1986 da 2061.

Wasu littattafan sukan yi ƙoƙarin gyarawa su ce a "matsakaicin nisa" ne. Ya fi babu, amma shi ma yana da santsi. Halley yana gudu idan ya zo kusa da Rana, yana jan ƙafa idan ya yi nisa, don haka mafi yawan shekarunsa a can nesa yake yin su. Da za ka auna nisansa sau ɗaya kowane wata har tsawon kewaye guda ka fitar da matsakaici, kusan 26 za ka samu, ba 17.8 ba. Matsakaicin da dokar ke nufi na iyakokin nan biyu ne kawai. Abin sha'awa a nan shi ne siffar falakin ba ta shiga lissafin lokaci sam. Abin da ke tafiya a cikakkiyar da'ira a nisan 17.8 AU, shi ma shekara 75 zai yi, daidai da Halley mai doguwar siririyar hanya.

Mu koma kan kilomita 42,300 ɗinmu. Saura kilomita 140 ko ƙasa kaɗan tsakaninta da 42,164, kuma ba kuskuren kalkuleta ba ne. Iyakar dokar Kepler ce da kanta, har a siffarta ta gwaji. Isaac Newton ne ya nuna daga ina dokar ta fito, a littafinsa na 1687, kuma idan aka bi lissafinsa abin da ake samu a rubutun yau shi ne:

T² = 4π²a³ / G(M + m)

G lamba ce ta ƙarfin jan da ke tsakanin jikkuna, ba ta sauyawa. M nauyin wanda ake kewayawa ne, m kuma nauyin mai kewayawa. Ka ga inda Ranar da aka ɓoye take zaune, ita ce M. Ka kuma ga cewa nauyin mai kewayawa ma yana da ta cewa. A tsarin Rana ba a cika jin sa ba, don Mushtari, wadda ta fi duk duniyoyi girma, nauyinta kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na Rana. Tauraron ɗan adam kuwa ko a lissafi ba ya shiga idan an gwada shi da Duniya. Amma Wata ba ƙaramin abu ba ne, nauyinsa ya kai kashi ɗaya cikin 81 na Duniya. Da muka gwada tauraron da Wata, mun ɗauka ƙarfin da ke riƙe da su ɗaya ne, alhali a ɓangaren Wata M + m ya fi M da kashi 1.23 cikin ɗari.

Gyaran ba wuya. Buga 750 ɗin nan da 1.0123, ka samu kusan 760. Lambar da kiyub ɗinta ke ba da wannan ita ce 9.124. Raba 384,400 da ita, ka samu kimanin 42,130. Yanzu bambancin ya sauko zuwa kilomita talatin da 'yan kai, ya kuma koma ɗaya gefen. Ragowar nan mafi yawanta aikin Rana ne, wadda ke jan Wata tana ɗan gurɓata falakinsa, abin da lissafin jikkuna biyu ba ya iya ɗauka. Kana iya cewa kilomita 140 cikin dubu arba'in da biyu ai ba komai ba ne, kuma a takardar jarrabawa haka ne. Amma tauraron da aka ajiye kilomita 140 sama da wurinsa zai riƙa zamewa yamma kusan digiri biyu a rana, cikin 'yan kwanaki ya fita daga idon kwanon da aka saita masa.

Wani zai ce na matsa wa layin da yawa, ai don saukaka wa mai koyo aka gajarta shi, ba za a fara wa yaro da G da π ba. Na yarda ba sai an fara da Newton ba. Amma siffar gwajin ba ta fi gajeren layin wuya ba, rabawa biyu kawai aka ƙara, kuma ita ce ke aiki a kan Wata, da taurarin ɗan adam, da watannin Mushtari. Gajeren layin ma daga cikinta yake fitowa: sa Duniya a matsayin abu na biyu, T₂ ya zama 1, a₂ ya zama 1, sai ga T² = a³. Wanda ya ga yadda aka haife shi ba zai kai shi inda babu Rana ba. Wanda aka miƙa wa shi a haddace kuwa ba shi da hanyar sanin inda ya tsaya.

Akwai kuma wata dabarar duba amsa da ta fi haddar layin amfani. Idan nisa ya ninka sau 4, lokaci yana ninkawa sau 8, domin kiyub ɗin 4 da sukwayar 8 duka 64 ne. Idan nisa ya ninka sau 9, lokaci sau 27, duka 729. Idan sau 100 ne, lokaci sau 1,000. Duba aikin da muka yi: Wata ya fi tauraron dish nisa kusan sau 9, lokacinsa kuma ya fi nasa kusan sau 27. Tun kafin ka taɓa kalkuleta ka san inda amsar za ta faɗa. Idan ka gama lissafi ka ga ninkin lokaci bai kai ninkin nisa ba, ka juya sukwaya da kiyub ne, ka sa kowanne a gurbin ɗan'uwansa. Idan kuma amsar ta kauce da ninki ɗari ko fiye, kamar minti 68 na Wata, to ka duba wanda ke tsakiya tukuna, sannan ka duba ko daga doron ƙasa ka auna nisan.